Saƙon Ta'aziyya ga Iyalan Marigayi Nasiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Assalamu alaikum. A madadin shugabanni, mai horarwa da dukkan 'yan wasan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa da ke Tudun Wada, Zariya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Baba da Hajiya, da yayye da ƙannen marigayi, bisa rasuwar ɗan'uwanmu Nasiru, wanda Allah ya yi wa cikawa a daren Talata yana ɗan shekara 19, bayan gajeruwar rashin lafiya.

Ranar Litinin da yamma muna tare da shi a fili, ya yi atisaye lafiya ƙalau, har ya tsaya tattara ƙwallaye kamar yadda ya saba, shi ya sa labarin ya girgiza mu matuƙa. Baba, muna shaida maka cewa ka yi tarbiyya. Nasiru bai taɓa ɗaga murya ga babba ba, kuma da zarar an kira sallar magariba shi ne mai fara ajiye takalmi, ya ja sauranmu zuwa masallaci. Ƙananan yaran da yake koya wa wasa suna ta tambayarsa.

Mun dakatar da atisaye na kwana bakwai, kuma za mu zo gida gaba ɗayanmu ranar addu'ar uku. Idan akwai wanda yake binsa bashi a cikinmu, an yafe.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ya ba ku haƙurin jure wannan rashi. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Kyaftin, a madadin ƙungiya.