Tsarin Gaɓar Kalma a Hausa: Darasi da Aikin Ƙidaya ga Ɗaliban Aji Biyu na Babbar Sakandare

A makon da ya gabata mun kammala bayani a kan baƙaƙe da wasulan Hausa, kuma wannan takarda ta ɗora ne daga inda muka tsaya, domin sautuka ba sa fita daga bakin mai magana ɗaya bayan ɗaya a warwatse. Suna haɗuwa ne rukuni-rukuni, kowane rukuni yana fita da bugu guda, kuma shi ake kira gaɓa. Wanda ya furta kalmar "makaranta" a hankali zai ji ta yanke sau huɗu, wato ma-ka-ran-ta, ko da bai taɓa shiga aji ba. A cikin wannan darasi harafin B yana wakiltar baƙi, W kuma yana wakiltar wasali, sannan za a rubuta dogon wasali sau biyu a duk inda ake son a nuna tsawonsa, duk da cewa rubutun yau da kullum ba ya yin haka.

Sassan gaɓa

Gaɓa tana da gurabe uku. Gurbi na farko shi ne goshi, wato baƙin da gaɓar take farawa da shi. Na biyu shi ne cibiya, wato wasalin da ke ɗauke da amon gaɓar da kuma karin sautinta, kuma babu gaɓar da za ta tsaya ba tare da shi ba. Na uku shi ne ƙeya, wadda wasu littattafai suke kira wutsiya, wato baƙin da yake rufe gaɓar bayan wasali. A gaɓar "ran" ta makaranta, r ne goshi, a ce cibiya, n kuma ƙeya. A gaɓar "ma" akwai goshi da cibiya, amma gurbin ƙeya babu kowa.

Goshi wajibi ne a Hausa, kuma baƙi ɗaya tak yake zama a cikinsa. A nan ne rubutu yake yaudarar ɗalibai ta hanyoyi biyu. Da farko, kalmomi irin su ido, uku da aiki ana rubuta su da wasali a gaba, amma a furuci akwai alhamza kafin wasalin, irin wadda muke rubutawa da ɗauri a tsakiyar sana'a da jama'a, sai dai ƙa'idar rubutu ta ce kada a nuna ta a farkon kalma. Saboda haka gaɓar farko ta ido tsarinta BW ne, ba W kaɗai ba. Na biyu, sh, ts, ky, kw, gy, gw, ƙy, ƙw, fy da 'y kowannensu sauti ɗaya ne duk da cewa alama biyu ake rubuta shi da ita, don haka gaɓar "kyan" ta kyanwa tsarinta BWB ne. Shaidar cewa Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su cunkushe a goshi ba tana nan a kalmomin aro: burodi, direba, fulawa da tirela duk sun zo ne daga Turanci da baƙaƙe biyu a jere a farkonsu, sai harshen Bahaushe ya cusa wasali a tsakani.

Cibiya iri uku ce. Tana iya zama gajeren wasali, kamar a gaɓar farko ta gari, wanda mutane suke zaune a ciki. Tana iya zama dogon wasali, kamar a gaɓar farko ta gaarii, wanda ake tuƙa tuwo da shi. Tana kuma iya zama tagwan wasali, wato ai ko au, kamar a kaifi da sauro.

Buɗaɗɗiya da rufaffiya

Gaɓar da ta ƙare da wasali ita ce buɗaɗɗiya, wadda ta ƙare da baƙi kuma ita ce rufaffiya. Daga wannan ne ake samun sifofi uku kacal na gaɓar Hausa: BW da BWW, waɗanda suke buɗaɗɗu, sai BWB, wadda take rufaffiya. A gidaa akwai BW da BWW, a hannuu akwai BWB da BWW, a maalam kuma akwai BWW da BWB.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne sifar da babu ita, wato BWWB. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar dogon wasali ko tagwan wasali sannan ta ƙara ƙeya a kai, kuma duk lokacin da nahawu ya nemi haɗa su, wasalin ne yake ragewa. Wasalin ƙarshe na gidaa dogo ne, amma da an liƙa masa n a "gidan sarki" sai ya gajarce. Haka riigaa take komawa riigar. Tagwan wasali ma bai tsira ba, shi ya sa muke cewa mai amma man gyaɗa, rai amma ransa, kai amma kansa. Kowa a cikinku yana bin wannan doka tun yana ƙarami ba tare da an koya masa ba.

Wannan hali shi ne dalilin da ya sa a ajinmu muke lissafa ai da au a cikin cibiya. Masana sun yi saɓani a kan batun, domin akwai masu ganin cewa ai wasali ne da baƙin y, au kuma wasali da baƙin w, wanda zai mayar da gaɓar rufaffiya. A ganina hujjar waɗanda suka ɗauke su tagwan wasali ta fi ƙarfi, tun da suna ragewa a gaban ƙeya daidai yadda dogon wasali yake yi. A duk ayyukan da ke ƙasa, da kuma a jarrabawar ƙarshen zango, gaɓar da ta ƙare da ai ko au buɗaɗɗiya ce.

Ƙeya gurbi ne mai rauni, kuma baƙin da ya zauna a cikinta yakan sauya. Baƙin n yana bin wanda ke gabansa, har a ji "gidam Bala" a furuci alhali "gidan Bala" ake rubutawa. Inda mutanen Sakkwato suke cewa zamna da amre, Kanawa suna cewa zauna da aure, wato ƙeyar ta narke ta koma wasali, rufaffiyar gaɓa ta zama buɗaɗɗiya. Irin wannan ne ya raba talaka da talauci, inda k ya koma u, da kuma ɓata da ɓarna, inda t ya koma r. Yawancin kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa, don haka rufaffiyar gaɓa a ƙarshen kalma ta fi yawa a amsa-kama, irin su fes, wur da sumul, da kalmomin aro, irin su tebur da fensir, sai kuma inda aka liƙa n ko r na mallaka.

Akwai wani rabo na daban wanda bai kamata a rikita shi da wannan ba, wato na nauyi. Gaɓar BW ce kaɗai marar nauyi, BWW da BWB kuwa duk masu nauyi ne, wanda ke nufin gaɓa tana iya zama buɗaɗɗiya kuma mai nauyi a lokaci guda. Karin sauti faɗau a kan gaɓa mai nauyi kawai yake sauka, kamar a yau da kuma mai na girki, sannan ma'aunin rubutacciyar waƙa da za mu duba a zango na gaba a kan wannan rabo aka gina shi.

Yadda ake yankawa

Adadin gaɓoɓin kalma daidai yake da adadin cibiyoyinta, don haka a fara da gano wasulan, ana ɗaukar ai da au a matsayin guda. Idan baƙi ɗaya ne tsakanin wasula biyu, na gaɓar gaba ne, kamar a ta-kwas, inda kw sauti ɗaya ne. Idan baƙaƙe biyu ne, na farko ƙeya ne na biyu kuma goshi, kamar a tam-ba-ya, haka kuma idan baƙi ɗaya ne aka nanata, kamar a lit-ta-fi da tsat-tsau-ra. A yi hattara da yarinya, domin n da y a nan sautuka biyu ne daban, kuma yankanta ya-rin-ya ne.

Aiki na ɗaya, wanda za a yi a aji

A yanka kowace kalma, a faɗi adadin gaɓoɓinta, sannan a ware buɗaɗɗu da rufaffu: (a) tsuntsu, (b) ƙwaƙwalwa, (c) alƙalami, (d) asibiti, (e) fartanya, (f) kyakkyawa.

Amsoshin su ne kamar haka. Tsun-tsu gaɓa 2 ce, rufaffiya 1 da buɗaɗɗiya 1. Ƙwa-ƙwal-wa gaɓa 3 ce, rufaffiya 1 da buɗaɗɗu 2. Al-ƙa-la-mi gaɓa 4 ce, rufaffiya 1 da buɗaɗɗu 3. A-si-bi-ti gaɓa 4 ce, dukkansu buɗaɗɗu. Far-tan-ya gaɓa 3 ce, rufaffu 2 da buɗaɗɗiya 1. Kyak-kya-wa gaɓa 3 ce, rufaffiya 1 da buɗaɗɗu 2.

Aiki na biyu, wanda za a yi bibbiyu

Ɗalibi ɗaya zai ƙirga daga ɗaya zuwa goma da ƙarfi, abokinsa yana tafa hannu a kan kowace gaɓa. Kowace kalma a cikin goman gaɓa biyu ce, jimilla 20, kuma biyu kacal ne rufaffu, wato "yar" ta biyar da "kwas" ta takwas. Wanda ya samu uku, ya sake duba bakwai. Bayan haka a ƙirga gaɓoɓin karin maganar nan: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Amsar ita ce gaɓa 10, rufaffu 3, wato han, kar da jin, buɗaɗɗu kuma 7.

Aikin gida

1. A ƙirga gaɓoɓin waɗannan jimloli, a rubuta adadin buɗaɗɗu da na rufaffu a ƙarƙashin kowace: (a) Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. (b) Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. (c) Malam ya sayi shinkafa da man gyaɗa a kasuwar Kurmi.

2. A zana tebur mai gida uku, goshi da cibiya da ƙeya, a rarraba sautukan kowace gaɓa ta waɗannan kalmomi a ciki: gwangwani, aure, jama'a, 'ya'ya, gaggawa.

3. A liƙa n ko r na mallaka a ƙarshen kaasuwaa, raanaa, dookii da rai, sannan a bayyana cikin jimla ɗaya abin da ya faru da wasalin ƙarshe da kuma dalilinsa.

4. A kawo kalmomi biyar masu gaɓa uku waɗanda babu rufaffiyar gaɓa ko ɗaya a cikinsu, da wasu biyar waɗanda gaɓarsu ta tsakiya kaɗai ce rufaffiya.

Kowane ɗalibi ya furta kalma da bakinsa kafin ya yanka ta a takarda, kuma ya nuna yankan da karan ɗori kamar yadda aka yi a misalan sama, domin ba za a ba da maki ga adadin da aka rubuta ba tare da yanka ba. Shugaban aji zai tattara littattafan ranar Alhamis kafin a fita tara.