Babi na Biyu: Bitar Ayyukan da Suka Gabata

2.0 Shimfiɗa

Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambayar abin da ke ɗaure jariri da mai renonsa, da kuma sawun da wannan ɗauri yake bari idan yaro ya girma. Amsar da ta fi karɓuwa ita ce ra'in shaƙuwa na John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya. Tun a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 ya nuna cewa raba yaro da uwa da wuri na iya yi masa illa, sannan a 1969 ya shimfiɗa ra'in gaba ɗaya. A ganinsa jariri yana zuwa duniya da halin neman kusanci da wanda zai kare shi, kuma daga yadda ake amsa kukansa yake gina tunaninsa game da kansa da mutane.

Mary Ainsworth ce ta kawo ma'auni. Abin da ake yawan mantawa shi ne a Afirka ta fara, cikin iyalai a Yuganda a 1954 da 1955, kafin ta koma Baltimore ta tsara gwajinta na baƙon ɗaki. Ana shigar da uwa da ɗanta mai kimanin shekara ɗaya wani ɗaki, baƙuwa ta shigo, uwa ta fita ta dawo, a matakai 8 cikin kusan minti 20. Yadda yaro ya tarbi uwarsa shi ne hukunci: ko mai natsuwa ne, ko mai kau da kai, ko mai ɗari-ɗari. Main da Solomon suka ƙara rukuni na huɗu a 1986, na yaran da halinsu ya rikice.

Daga nan ne muhawara ta taso a kan ko wannan ma'auni ya dace da kowace al'ada. Lokacin da van IJzendoorn da Kroonenberg suka tattara sakamakon wannan gwaji a 1988, ƙasashe 8 suka samu, babu ta Afirka ko ɗaya. Ayyukan da suka biyo baya sun ɗan rage giɓin. Binciken True da abokan aikinta a tsakanin Dogon na Mali a 2001 bai sami yaro mai kau da kai ba, Heidi Keller kuma ta nuna cewa a wajen Nso na Kamaru reno aikin gida ne duka. A ƙasar Hausa ma tun kafin nan akwai aikin Marvin da abokansa na 1977 a kan jarirai 18, wanda ya gano cewa yaro kan shaƙu da masu reno fiye da ɗaya, amma ya fi karkata ga wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ta haife shi ba.

Sai dai duk wanda ya tashi a gidan gandu a Daura ya san akwai abin da waɗannan ayyuka ba su kama ba, wato matsayin ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "yaron nan" ko "kai". Idan ya faɗi a tsakar gida da surukai a zaune, za ta ci gaba da tankaɗen garinta, kishiya ko gwaggo ce za ta ɗaga shi ta kaɗe masa ƙura. Da yaye ya zo kuma a kai shi wajen kaka, sau da yawa zaman ya zarce ya zama riƙo. Ma'aunin Ainsworth, in aka ɗauke shi yadda yake, zai iya rubuta wannan uwa cikin marasa kula, alhali mutanen gidan alkunya suke gani, har ma su yabe ta. Masana al'ada sun bayyana wannan kunya tun littafin Mary Smith na 1954 a kan rayuwar Baba ta Karo, amma bayanin al'ada suka yi, ba su auna abin da ke zuciyar yaron ba.

A iya bin diddigin da mai wannan nazari ta yi, ba ta ci karo da aikin da ya kwatanta 'ya'yan fari da ƙannensu a gidajen Hausawa ta fuskar shaƙuwa ba, balle wanda ya tambayi su yaran bayan sun yi wayo. Aikin 1977 ya tsaya a kan jarirai, kuma an yi shi kafin makarantun kwana da ƙananan gidajen haya su sauya wanda yaro ke kwana a ɗakinsa. Wannan giɓi ne kundin yake son cikewa, ta hanyar nazarin matasa 240 'yan shekara 13 zuwa 17 a makarantun sakandare huɗu na cikin garin Daura, rabinsu 'ya'yan fari, domin gano wajen wa suke gudu idan hankalinsu ya tashi, da ko riƙon kaka yana maye abin da kunya ta hana uwa nunawa. Sashe na 2.1 zai fara da ra'in Bowlby da sukar da aka yi masa, kafin a gangaro kan ma'aunan da aka gwada a Afirka da matsalar mayar da su Hausa.