Yadda za ku saita hasken gem a telen shago

Salam samari na shagon gem, musamman kai Ƙanina mai kula da shago da dare. Na ga kowa ya zo sai ya ja sandar haske har ƙarshe wai don ya hango abokin gaba a lungu, sai hoto ya yi fari fat kamar hazon hunturu a Garwa, baƙi ya koma toka-toka. Daga yau ga yadda za a yi.

Ku fara da tele tukuna kafin ku taɓa gem. A kashe Eco da Dynamic Contrast, don su ne ke canza haske da kansu kana cikin wasa, a sa ta a Game Mode. Kuma ku lura, a yawancin teloli Backlight ne ƙarfin fitilar baya, Brightness kuwa zurfin baƙi yake taɓawa, shi a bar shi inda kamfani ya ajiye.

Sai ku shiga saitin gem wajen Brightness, in da Faransanci yake Luminosité za ku gani. Zai nuno tambari a kan baƙin fili ya ce a ja har sai an gan shi da ƙyar. To wannan da ƙyar ɗin ita ce maganar gaba ɗaya. Zauna a bencin da ake wasa, kar ka manna fuska jikin gilashi, ja sandar ƙasa har tambarin ya ɓace gaba ɗaya, ɗan dakata ido ya saba, sannan ka riƙa ƙarowa ɗaya ɗaya da manet, da zarar ka fara hango gefensa ka tsaya nan. In kana ganinsa sarai ba wahala wallahi ka wuce. Wasu gem hoto biyu ko uku suke nunawa, na mafi duhu ya ɓace ko ya kusa, karanta rubutun da ke ƙasa dai.

Hasken ɗaki ma yana da ruwa a ciki, abin da ka saita da rana ƙofa a buɗe zai yi fari da dare. Mu tunda bayan isha'i aka fi cika, a saita da dare fitilar shago a kunne yadda take kullum.

In ka yi duk wannan baƙi bai yi baƙi ba, ko tambarin ya ƙi fitowa ko ka ja har sama, matsalar RGB Range ce, wato saitin iyakar baƙi da fari tsakanin PS4 da tele. Full daga 0 zuwa 255 ne, Limited daga 16 zuwa 235, in PS4 na kan ɗaya tele na kan ɗaya sai inuwa ta yi toka ko ta haɗiye komai. Mayar da shi Automatic a saitin PS4, ka sake gwajin daga farko.

Bayan nan shiga wuri mai duhu a gem, kogo ko ƙarƙashin bene, ya kamata ka ga bango da ƙofa amma kusurwa ta zauna baƙa. In ya matse sosai ƙara ɗaya, iyaka biyu. Wanda ya sake ja har ƙarshe kuma shi zai gyara kafin ya tashi.