Takobin Surame

Daren da Baba Tsoho zai cika, hunturu ya rufe Sakkwato har ba a ganin hasken fitila a ƙofar gida. Ya sa aka kira jikarsa Inno, ya riƙe hannunta da yatsunsa masu sanyi.

"Matso kusa, 'yar nan. Numfashina ya kusa ƙarewa, kuma wagga magana ba ta da wani magaji sai ke.

"Tun ba a kafa wanga gari ba, tun Shehu bai zo ba, lokacin da Kanta ke mulki a Surame, akwai wata maƙera da ba ta hura wuta da rana. A nan aka ƙera takobi da ƙarfen da ya faɗo daga sama. Kwana bakwai ana bugunsa. Da aka tsoma shi a gulbin Rima don ya huce, ruwan ya ja da baya, kifaye suka kwanta bisa yashi, sai ga sarauniyar aljannun ruwa ta fito, gashinta na jan ƙasa. Ta ce aro ta bayar, ran da gulbi ya ƙafe sau uku za ta zo karɓar kayanta, da takobin da jinin mai riƙe da shi."

Ya yi tari, Inno ta ɗiga masa ruwa da ludayi.

"Sau biyu ya ƙafe a idona. Ɗaga tabarmar nan, ki tona."