Sanarwa ga ƙungiyoyi: yadda muka jera teburin ƙarshe na gasar bana

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyi shida da masu horar da su,

Assalamu alaikum. Kamar yadda kuka sani, ambaliyar da ta lalata filin wasa ta tsayar da gasarmu bayan an buga wasanni 25 cikin 30, kuma gyaran ba zai kammala ba kafin wa'adin kakar ya cika. Kwamitin gasa ya zauna ranar Asabar da ta gabata, ya yanke shawarar rufe gasar a inda ta tsaya.

Matsalar ita ce ƙungiyoyin ba su buga wasa daidai wa daida ba. Uku sun buga tara-tara, biyu takwas-takwas, ɗaya kuwa bakwai kacal. Idan muka jera ku da jimillar maki, mun hukunta ƙungiya a kan wasan da ruwan sama ya hana ta bugawa. Saboda haka muka raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga, wanda matsakaicin makinsa ya fi yawa shi ne a sama. Nasara maki 3, canjaras 1, kamar kullum. Ga teburin:

1. Masu koriyar riga: wasa 8, maki 18, matsakaici 2.25
2. Masu jar riga: wasa 9, maki 19, matsakaici 2.11
3. Masu farar riga: wasa 7, maki 11, matsakaici 1.57
4. Masu shuɗiyar riga: wasa 9, maki 14, matsakaici 1.56
5. Masu rawayar riga: wasa 8, maki 5, matsakaici 0.63
6. Masu baƙar riga: wasa 9, maki 3, matsakaici 0.33

Kofin bana na masu koriyar riga ne.

Mun san wannan zai yi wa masu jar riga ciwo, don su ne a saman tebur ranar da aka tsaya. A wajen zaman, wakilinsu ya ɗaga takardar jadawalin yana nuna mana da yatsa cewa wasa ɗaya tilo da ya rage musu da masu koriya ne, kuma a gidansu. Gaskiyarsa. Wannan lissafi yana ɗauka ne cewa ƙungiya za ta ci gaba da tafiya yadda ta saba, bai san wa ke da sauran wasanni masu zafi ba, bai san wa ɗan wasansa ya ji rauni ba. Wasanni biyu da suka rage wa masu koriya, da na biyu ne da na uku a tebur, kuma mai yiwuwa da sun sha kashi a duka biyun. Amma “da an buga da mun ci” ba ya shiga tebur. Abin da aka buga a fili alƙalin wasa ya sa hannu, shi kaɗai muke iya ƙirgawa.

Masu shuɗiya ma sun sauka daga na uku zuwa na huɗu, duk da sun fi masu fara da maki uku. Tazarar siririya ce, 1.571 da 1.556, sai da sakataren kuɗi ya sake buga lissafin sau biyu a wayarsa kafin muka rubuta.

Wani ya kawo shawarar a yi lissafin wasannin gida daban, na waje daban, sannan a haɗa. Ba mu karɓa ba: gida da waje a gasarmu suna ne kawai a takarda, tunda fili ɗaya duk muke bugawa.

Ba mu muka fara bin wannan hanya ba. A 2020, da annobar korona ta tsayar da ƙwallo, da ita aka rufe gasar Faransa da ta Scotland. A gasar mata ta Ingila, Manchester City na da maki 40 a wasa 16, Chelsea na da 39 a wasa 15, aka ba Chelsea kofi da matsakaicin 2.60 a kan 2.50. A rukuni na uku na maza kuwa, Wycombe ta tashi daga ta takwas zuwa ta uku, daga baya ma ta haye rukuni na biyu.

Wasan da masu baƙar riga ba su halarta ba a mako na shida an ƙirga shi a matsayin wanda aka buga, 3-0 a kansu, domin laifinsu ne, ba na ruwa ba.

Ƙungiyar da ta ga kuskure a yawan wasanninta ko makinta ta rubuto wa kwamiti cikin kwana bakwai daga yau, tare da kwafin rahoton alƙalin wasa. Za mu duba kuskuren lissafi ne kawai, maganar hanyar da aka bi an rufe ta. Bayan kwana bakwai ɗin za mu sanar da ranar miƙa kofi.

Na gode.

Sakataren kwamitin gasa,
a madadin shugaba da sauran mambobi