Jadawalin bitar Auta, sati 2 kafin mok

Auta ga jadawalin da na ce zan yi miki, ki kwafe shi da hannunki a takarda ki manna a jikin ƙofar wadirob, kar ki bar shi a waya don na san ki, kina buɗe wayar shi ke nan an tafi. Kin ce Kemistiri ranar Litinin ne, Bayoloji Talata, Fizis Laraba, Lissafi Alhamis, to a kan haka na tsara.

Ranar da na zo gida na ɗaga littattafanki. Na Bayoloji tsaf-tsaf har da jan biro, zanen zuciya kamar a buga a littafi. Na Kemistiri kuwa daga shafin mol sai kanun darasi da layi 3, sauran fari fat. Kin ga inda matsalar take, abin da kike so shi kike ta maimaitawa saboda yana miki daɗi. Shi ya sa na ɗora masu wuyar a kan asuba, lokacin gida shiru kuma kanki bai gaji ba.

Zama 3 ne kullum daga Litinin zuwa Alhamis. Na safe 6:00 zuwa 7:00 kafin makaranta, na yamma 4:30 zuwa 6:00, na dare 8:30 zuwa 9:45. Kin dawo makaranta ki ci abinci ki yi azahar ki kwanta ko minti 40 ne. Ƙarfe 10 a kashe fitila. Na yi magana da Umma, wanke-wanken dare an ɗauke miki shi har ki gama.

SATIN FARKO

Litinin: safe mol, kuma daga tushe, n = m/M. Ki fara da wannan: giram 4 na NaOH mol nawa ne? M ɗinsa 40, amsa 0.1. In an narka shi ya zama 250 cm³ to 0.4 mol/dm³ ke nan, in ba ki samu haka ba ki duba ko kin raba 250 da 1000, nan mutane ke faɗuwa. Yamma Fizis, v = u + at da s = ut + ½at², tambaya 6. Dare Bayoloji, ƙwayar halitta, don ki ɗan sarara.

Talata: safe mol dai, yau da iskar gas, 22.4 dm³ a s.t.p. Gwada giram 10 na CaCO₃ in an gasa, CO₂ nawa zai fita, ya kamata ki ga 2.24 dm³. Yamma logaridim da tebur. Dare ki rufe littafi ki rubuta duk abin da kika tuna na jiya da yau, sannan ki buɗe ki ga me ya zube.

Laraba: safe lantarki, V = IR. Rasisto na 6 Ω da na 3 Ω in an jera su kafaɗa da kafaɗa 2 Ω suke bayarwa, in a layi ɗaya ne 9 Ω, ki zana kowanne da hannunki kafin ki taɓa kalkuleta. Yamma daidaita ikweshan na Kemistiri guda 10. Dare narkewar abinci.

Alhamis: safe taitireshan. Wannan zama biyu na ba shi, safe da yamma, saboda maki ne a kwance a firaktikal kuma ke tsoronsa kike ji. Teburin karatun biyuret ki riƙa rubutawa da lamba 2 bayan ɗigo, kar ki manta da yunit a saman tebur, kuma ki haddace launi: methyl orange ja ne a asid, rawaya a alkali, phenolphthalein ba launi a asid, a alkali ya koma ruwan hoda. Dare biyarin, ki zana arewa a kowane ɗigo tukunna.

Juma'a: zaman safe kawai, ki koma kan tambayoyin da suka kayar da ke tun Litinin. Daga nan ba littafi. Ki je kitso, ki leƙa gidan Gwaggo, ki yi hira da Umma. Da gaske nake, kar in ji an ce an gan ki da littafi da yamma.

Asabar: 9:00 zuwa 11:00 tsohuwar takardar WAEC ta Kemistiri, agogo a gaba, ba leƙen amsa. Yamma ki yi wa kanki maki da gaskiya, duk wadda kika faɗi ki rubuta ta a wani ɗan littafi daban, shi ne abokin tafiyarki a sati na biyu. Dare hutu.

Lahadi: haka za ki yi wa Fizis da safe. Yamma gadon halitta, 3:1 ɗin Mendel, sai ki zana AS da AS ki ga yadda kowane ciki yake da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, abin da ake ta faɗa kan gwajin jini kafin aure ke nan, in kin gane shi a nan ba zai fita a kanki ba.

SATI NA BIYU

Litinin da Talata: safe daga ɗan littafin kurakuran nan za ki ɗauka, ni ban san me zai shiga ciki ba sai kin yi, amma ina kyautata zaton mol zai sake leƙowa, to ki sake masa. Yamma Litinin haske da madubi, Talata Kemistirin kabon, sunayen alkanes daga 1 zuwa 10. Dare Lissafi duka biyun.

Laraba: ranar giraf. Fendulom, a auna lokacin lilo 20 a raba da 20 a samu T, a zana T² da tsawon zare. Fensir mai tsini, sikeli mai sauƙin karantawa, giraf ya ci fiye da rabin takarda. Dare zanen Bayoloji, layin lakabi da rula kuma kar su gitta juna, ba a yin inuwa.

Alhamis: tsohuwar takardar Lissafi da yamma, ta Bayoloji da dare, safe taitireshan karo na ƙarshe.

Juma'a: kamar waccan.

Asabar: safe Fizis, yamma Lissafi, abin da ya rage a littafin kurakurai kawai. Sabon darasi an rufe ƙofarsa daga yau, ko ƙawarki ta turo miki wai ga abin da zai fito, ki bar shi.

Lahadi: Kemistiri awa 2 da safe, awa 1 bayan la'asar, shi ke nan. Ƙarfe 9:30 kina kwance.

Maganar baccin nan dan Allah ki ɗauke ta da muhimmanci. Lokacin da nake aji 6 daren Fizis na kwana da ƙafafuna cikin bokitin ruwan sanyi ina shan shayi ba madara har aka kira assalatu, da aka raba takarda ina kallon tambayar lantarki da na sani sarai amma lambobin suna ta yawo a idona, na karanta layi ɗaya ya fi sau 5, na fito ina kuka a bakin get. Ba na so ki ga wannan ranar. In rana ɗaya ta kuɓuce miki, ciwon mara ne ko baƙi ne suka cika gida, kar ki rama da dare, ki tsallake zaman Bayoloji na gaba ki sa abin da ya wuce a gurbinsa, Bayolojinki zai jure.

Fitilar caji ki jona ta duk sanda aka kawo wuta. Daren Lahadi ki zuba biro 2, fensir, rula, kalkuleta da kayan zanen Lissafi a jaka tun kafin isha'i. Zan kira ki Asabar ta farko bayan magariba ki karanto min makin Kemistirin, ko nawa ne ki faɗa min yadda yake, daga nan mu ga ko za a ƙara wa mol wata asubar. Allah ya ba da sa'a, ki gaida Umma.