Takardar Tambayoyin Hira da Masu Sana'ar Bakin Titi a Birnin Katsina

Zuwa ga ku huɗu da za ku fita hira daga ranar Asabar. Wannan takarda ta maye gurbin wadda na ba ku makon jiya. Na sake ta ne bayan hirarrakin gwaji guda shida da na yi tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, domin tambayar da na buɗe da ita a wancan karo, wato "waɗanne matsaloli kuke fuskanta a sana'arku?", amsa ɗaya ta samo mini daga mutum biyar: rashin jari, gwamnati ta taimaka. Gaskiya suka faɗa, amma sun ɗauke ni ma'aikaciyar rabon tallafi, suka ba ni amsar da ake ba irin waɗannan. Abin da muke nema shi ne yadda mutum yake tafiyar da yininsa a bakin titi, kuma wannan sai a labari ake samunsa. Don haka kusan kowace tambaya a nan tana neman rana ɗaya ce takamaimiya, ko wani abu da ya taɓa faruwa.

Ku fara da gaisuwa cikakkiya, kada ku gutsure ta. Dattijo Baba ne ko Malam, dattijuwa Inna ko Hajiya, kuma idan mai sana'ar a zaune yake, ku nemi wuri ku zauna ko ku durƙusa. Ba a yi wa babba tambaya daga tsaye. Mata su yi hira da mata. Yaro ko yarinya mai talla da bai kai shekara 18 ba, ba ya cikin wannan bincike. Bayan gaisuwa ku faɗi wannan, da bakinku, ba karatu daga takarda ba:

"Baba, ni ɗalibi ne, muna nazari a kan rayuwar masu sana'a a bakin titi. Ba daga ofishin haraji nake ba, kuma ba rajistar tallafi muke yi ba, kada in sa maka rai. Hirar za ta ɗauki kamar minti 40. Idan mai saye ya zo, ka sallame shi, zan jira. Ba za mu rubuta sunanka ba. Duk tambayar da ba ka so, ka ce a wuce, kuma kana iya tsayar da ni duk lokacin da ka ga dama. Ka yarda in ɗauki muryarka a waya, ko in rubuta kawai?"

Sai ya ce ya yarda za ku kunna rakoda.

Tambayar farko: "Ba ni labarin jiya, tun daga sallar asuba har ka tashi daga nan." Na zaɓi jiya da gangan. Idan kuka ce "yaya kake yini", zai ba ku yinin da ya kamata a ce yana yi. Jiya kuwa tana da ruwan da aka yi, da mai baron da ya makara, da cinikin da ya tsaya bayan azahar. Ku bar shi ya yi ta zuba. Inda ya tsallake, ku dawo da shi a hankali: "Ka ce ka sari kaya a Babbar Kasuwa. Wa ya kai ka? Nawa ka biya aka kawo su nan?" Wannan tambaya kaɗai tana iya cin minti 15, kuma ban damu ba.

Daga nan ku koma baya: "Yaya aka yi ka fara wannan sana'a? Wa ya koya maka? Kafin ita me kake yi?" Sannan wurin zama: "Yaya aka yi wannan wuri ya zama naka? Akwai wanda kake ba wani abu saboda shi? An taɓa tashin ka daga wani wuri? Ba ni labarin ranar." Kada ku saka masa sunan wata hukuma ko ƙungiya a baki. Idan akwai, shi zai ambata, kuma wanda ya fara ambata shi ma bayani ne a wurinmu.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya, shi ya sa na ajiye ta a tsakiya, bayan an saba. Kada wanda ya ce "nawa kake samu a wata?" Mai shayi ba ya lissafi da wata, kuma Bahaushe ba ya bayyana samunsa ga baƙo, "Alhamdu lillahi" za ku ji, ƙofa ta rufe. Ku bi ta kayan: "Da safen nan kayan nawa ka ɗauko? Da kuɗinka ne ko amana aka ba ka sai ka sayar? Yaya kake raba uwa da riba idan ka koma gida? Yaushe rabon da ka ci uwar kuɗin, kuma me ya jawo?" Wata mai awara da na zanta da ita ba ta faɗa mini ribarta ba, amma ta lissafa mini kwanon waken suya, da mai, da itace, da kuɗin niƙa, har ta nuna mini gwangwanin da take jefa kuɗin adashi. Na fahimci sana'arta daga wannan fiye da duk wata lamba da za ta faɗa. Ku tambayi adashin, ku tambayi bashi ta fuska biyu: wanda ake bin sa, da wanda yake bin masu saye, da abin da yake yi idan maƙwabci ya ci ya ƙi biya.

Akwai lokuta uku da nake so a taɓa, ɗaya bayan ɗaya, kada a cusa su cikin tambaya guda. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wanda garin da ke kusa da Jibiya ba zai rasa jin sa ba. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira. Sai cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. Kada ku ambaci shekara; ku ce "lokacin da aka rufe boda", "lokacin da kuɗi suka ɓace". Kuma kada ku ce "ai kun sha wahala, ko?", domin kun riga kun amsa masa. Ku ce: "Lokacin da kuɗi suka ɓace, yaya ka yi ciniki? Ka karɓi tiransifa? A asusun wa?" Mai yiwuwa wani a lokacin ne ya samu, kuma irin wannan labari muna son sa.

Jiki da iyali, a taƙaice: "Ranar da ba ka da lafiya, wa ke zama a nan? Yaya sana'ar take da azumi, yaya take da damina? Kana so ɗanka ya gaje ta?" Wannan ta ƙarshen, idan ya amsa, ku ce "me ya sa ka ga haka?", da murya mai taushi.

Idan ya yi shiru, ku ma ku yi shiru, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku ce komai. Idan ya faɗi kalmar sana'a da ba ku sani ba, ku tambaye shi ma'anarta, ku rubuta ta yadda ya faɗe ta, da Katsinancinsa, kada ku gyara.

Ku rufe da: "Akwai abin da ya kamata in tambaye ka ban tambaya ba?" Ku yi godiya, ku kashe rakoda a gabansa. Kafin ku shiga hira ta gaba, ku sami inuwa ku rubuta wuri, da lokaci, da sau nawa mai saye ya katse ku, da duk tambayar da kuka ga ya yamutsa fuska a kanta. Ku kawo mini waɗannan ranar Litinin bayan la'asar, mu sake duba takardar tare.